Nazarin masu ruwa da tsaki: ku fara da bin jarkar ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Ustaz. Ni ne sakataren wata 'yar ƙungiya ta samarin garinmu, a kudancin Gadarif ta ƙasar Sudan, wajen kogin Rahad. Wata munazzama, wato ƙungiyar agaji, ta yarda ta ba mu kuɗi mu gyara donkin gari, wato rijiyar burtsatse mai inji da tanki, mu cire injin dizal mu sa sola, mu kai famfo unguwanni huɗu. Gidajenmu kamar 400 ne, ga kuma nazihin wajen mutum 600 da yaƙi ya koro suka sauka a makaranta da gidajen dangi. An ce sai mun kawo nazarin masu ruwa da tsaki kafin a saki kuɗin. Muka rubuta Shehu, Umda, liman, mahalliya da al'umma, muka ce duk suna goyon baya, sai aka dawo mana da takardar. Me ake so mu yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba ku ladan wannan niyya. Da ni aka miƙa wa takardar nan, ni ma mayar muku da ita zan yi, kuma dalilin guda ɗaya ne: babu ko mutum ɗaya a cikinta da zai yi asara. Ruwa a gari irin naku kuɗi ne da yake yawo kullum tsakanin aljihuna, tun daga asuba har magariba. Ranar da kuka cire inji kuka ja bututu zuwa unguwanni, kun sauya hanyar da kuɗin nan yake bi. Wasu za su huta da biya, wasu kuma za su daina samu. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki, idan ya ga takarda ta ce kowa na murna, ya san ba a zagaya gari ba tukuna.

Ma'anar da aka fi aiki da ita ta fito ne daga wani malamin harkar gudanarwa mai suna Edward Freeman a 1984: mai ruwa da tsaki shi ne duk wanda zai iya shafar aikin, ko kuma aikin zai shafe shi. Ka lura ɓangare biyu ne. Ku kun rubuta masu rawani da masu hatimi, wato wani yanki na ɓangaren farko, sannan kuka tattara ɓangare na biyu gaba ɗaya cikin kalma guda, "al'umma". Alhali matar da take sayen ruwa a ƙofar gida da yaron da yake sayar mata duk al'umma ne, kuma abin da ɗaya yake fata daga aikinku shi ne abin da ɗayan yake tsoro.

Saboda haka kada ku sake zama a ofis kuna tuno sunaye. Ku ɗauki littafi da biro, mutum biyu daga cikinku su je bakin donki tun bayan sallar asuba, su zauna a gindin tanki har a rufe, kwana biyu a jere, ɗaya ranar kasuwa ɗaya ranar da ba kasuwa. Su rubuta wa ya zo, da me ya zo, daga wace unguwa, nawa ya ɗiba, wa ya karɓi kuɗin, wa aka bari ya ɗiba bai biya ba, wa ya tsallake layi ba a ce masa komai ba. Daga nan su bi jarka ɗaya har randar da aka juye ta, su bi karo ɗaya, wato amalanken jakin nan mai ɗauke da ganga, har gidan ƙarshe da ya sayar wa. Da yamma kuma su bi kuɗin: daga hannun mai karɓa ina yake zuwa, nawa ake ware wa man dizal, wa yake sayar da man, wa ake kira idan inji ya tsaya, mabuɗin ɗakin inji a aljihun wa yake kwana. Duk hannun da ruwa ko kuɗi ko mabuɗi ya ratsa, kun sami suna ɗaya da ya cancanci shiga takardarku. A kwana biyun nan za ku tara mutum goma sha biyar zuwa ashirin da ba su zo muku a rai ba lokacin da kuke rubutu.

Kafin in shiga maganar mutanen, bari mu yi lissafin ruwan da kansa, domin shi ne yake nuna inda rigima za ta ɓullo. Zan yi aiki da adadin da ka bayar, in ƙara wasu na misali waɗanda dole ku maye gurbinsu da naku na gaskiya. Gida 400, mu ɗauka kowane gida mutum shida, mutum 2,400 ke nan. Haɗa da baƙinku 600, an sami 3,000. Mizanin Sphere, wanda yawancin ƙungiyoyin agaji suke bi, ya sa lita 15 ga kowane mutum a rana a matsayin mafi ƙaranci na sha da girki da tsafta, wato lita 45,000. Mu ƙaddara garin yana da shanu 300 da tumaki da awaki 1,000. Saniya tana shan kamar lita 25 a rana, ƙaramar dabba kamar lita 5, an ƙara 12,500. Jimilla 57,500.

To, yanzu dubi rijiyar. A ce gwajin da aka yi mata ya nuna tana iya ba da lita 6,000 a awa ba tare da ta ja baya ba. Injin dizal idan akwai mai yana iya yin awa goma sha biyu, ya fitar da lita 72,000. Sola kuwa ba ta aiki sai da rana, kuma cikakken ƙarfinta bai wuce awa shida zuwa bakwai ba, wato lita 42,000 a rana mai kyau, ƙasa da haka ranar da ƙura ta rufe faifan ko hadari ya haɗu. Ba za ku iya sa famfo mai ƙarfi ku rama ba, domin rijiya tana da iyakar abin da take bayarwa, idan aka matsa mata sai ta fara jawo yashi ta ƙone famfon. Ka ga ke nan aikin da kuka tsara zai sauƙaƙa kuɗin ruwa amma yana iya rage yawansa, daidai lokacin da famfo a ƙofar unguwa zai sa mutane su ƙara ɗiba. Kuma har yanzu ban sa makiyaya a lissafin ba.

Makiyaya su ne waɗanda aka fi mantawa, don kuwa ranar da ake rubuta takarda ba sa nan. Da damina suna can arewa wajen Buɗana, sai rani ya yi su gangaro kudu, lokacin da Rahad ya yanke ya koma 'yan tafkuna, hafirai kuma, wato ramukan da ake haƙa don tara ruwan sama, suka ƙafe. Daga Maris zuwa Mayu, idan garke uku ko huɗu masu shanu 1,000 suka sauka kusa da ku, wannan lita 25,000 ce a kan 57,500 ɗin can. Buƙata ta haura 82,000, sola tana ba da 42,000. Tambayar da nazarinku zai amsa ita ce, a wata ukun nan wa zai sha da fari, wa zai jira, kuma wa ya yanke wannan hukunci. Idan ba ku yanke shi da su a zaune ba, za a yanke shi a bakin kwami da sanduna.

Na taɓa ganin haka da idona, a wani aiki da na kula da shi shekarun baya a wani ƙauye na gaɓar kogi. Mun yi taro uku da mutanen gari, kowa ya sa hannu, muka kewaye wurin da waya, muka sa famfuna shida, ba mu yi kwamin dabbobi ba don kuɗin bai kai ba. Watan Afrilu na zuwa, sai aka wayi gari an datse wayar ta gefen gabas, an fasa bututun da ya fito daga tanki, ƙasa ta zama caɓi da sawun kofato. Mutanen gari suka ce ɓarna ce. Da na je rugar na zauna da dattijonsu, ya ba ni shayi, ya ce mini kakansa ma a wannan rijiya ya shayar, kuma kowace shekara suna ba da kuɗin gyaran tsohon inji, ba wanda ya zo ya gaya musu cewa an rufe musu hanya. Na bincika, gaskiya ya faɗa. A littafin mai kula da inji, wani tsohon littafi da man inji ya jiƙa gefensa, kuɗin da makiyaya suke biya a wata ukun rani ya fi na mutanen gari na rabin shekara. Su ne suke riƙe da rijiyar, mu kuma muka zana aikin kamar babu su. Gyaran da muka yi daga baya ya fi kuɗin kwamin tsada, kuma an ɗauki shekara biyu kafin zukata su kwanta. Har yau abin yana damuna, don tafiyar rabin yini ce kawai ta raba ni da sanin wannan tun farko.

Don haka ku nemi shehun makiyayan da suka saba sauka wajenku, ko ta waya ce, ko ta hannun dillalin da yake sayar musu da dabbobi a kasuwa. Ku tambaye shi wane wata suke zuwa, kai nawa, kwana nawa, nawa suke biya yanzu, ta wace hanya suke shigowa don kada su ratsa gonaki. Abin da yawanci ake daidaitawa a kai shi ne kwami a nesa da famfunan mutane, kamar taku ɗari ko fiye, ta gefen burtali, da lokacin shayarwa na daban, da kuɗi a kan kowane kai wanda aka amince da shi tun kafin rani.

Wannan lissafi ya kuma sauya matsayin wani mutum da kuka yi niyyar sallama ba ku sani ba, wato mai kula da inji. A tsarinku inji zai tafi, shi ma aikinsa ya tafi, tare da ɗan abin da yake samu a gefe. Amma idan ruwan sola bai isa da rani ba, dole injin ya zauna a matsayin na ko-ta-kwana, a tayar da shi da yamma ya ƙara awa biyar ko shida, kuɗin makiyaya ya sayi man. Mutumin nan shi ya san zurfin rijiyar, ya san shekarar da ta taɓa ja baya, ya san inda kowane bututu ya bi a ƙarƙashin ƙasa. Idan kuka ture shi, ba sai ya ɓata komai da hannunsa ba, shirun da zai yi ranar da famfo ya tsaya ya isa. Ku sa kuɗin koya masa aikin sola a kasafin, da wanke faifai da duba akwatin wuta, ku yanka masa albashi bayyananne daga kuɗin ruwa. Sai dai karɓar kuɗi a raba shi da riƙe mabuɗi, a sa mita a bakin tanki, domin a riƙa gwada abin da ya fita da abin da ya shigo akwati.

Masu karo su ne za su fi kowa jin jiki. A ce suna da karo goma sha biyu, kowanne yana ɗaukar ganga biyu, lita 400, yana yin sawu biyar a rana. Lita 24,000 ke nan, fiye da rabin ruwan da gidaje suke sha yana bi ta hannunsu. Bayan kowane karo akwai yaron da yake kora, da mai jakin wanda sau da yawa wani ne daban, wani lokaci bazawara ce da ta sayi jaki da kuɗin sanduk ɗinta, wato adashi, da makerin da yake liƙe ganga. Famfo huɗu a unguwanni yana iya kwashe musu rabin ciniki a wata guda. Ba su da kujera a majalisar Shehu, amma suna shiga kowane lungu sau biyar a rana, kuma maganar da suka yaɗa a kan ruwanku, cewa yana da gishiri ko an zuba masa wani magani, za ta riga taku isa kunnen mata. Kada ku kira su taron gari, ba za su yi magana a gaban manya ba. Ku same su inda suke hutar da jakuna da azahar. Ku ba su bututun cika ganga nasu na daban mai tsayi, don su daina layi da yara masu jarka, a kan farashin sari. Idan cika ganga ya koma minti biyar maimakon jiran awa ɗaya, suna iya kai ruwa rugage da sansanin ma'aikatan gona da masu yin bulo, wuraren da famfonku ba zai kai ba. Ba zan ce maka asararsu za ta gushe duka ba. Amma ku rubuta ta yadda take, da abin da kuka yi don rage ta. Mai ba da kuɗi ya fi yarda da takardar da ta faɗi wannan.

Sai maganar ƙasa, wadda nake roƙonka ka ɗauke ta da nauyi. Faifan sola suna buƙatar fili, bututu zai ratsa ta wasu wurare, kwami zai zauna a wani wuri. Wa yake da ikon cewa an ba da wannan fili? A dokar 1970 duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta zama ta gwamnati, dokar mu'amala ta 1984 kuma ta riƙe wannan asali tana mai amincewa da haƙƙin amfani. A aikace kuwa, idara ahaliyya, wato sarautar gargajiya, ita ce take cewa wannan na wane ne, tun daga Shehun gari zuwa Umda zuwa Nazir. Garuruwanmu na Hausawa da yawa suna da Shehunsu na kansu amma suna zaune ƙarƙashin nazarar wata ƙabila, kuma amincewar Shehu kaɗai ba ta rufe magana. Ba mu manta abin da ya faru a jihar Nilul Azraƙ a watan Yulin 2022 ba, da kuma Wad al-Mahi a watan Oktoban shekarar, inda saɓani a kan ƙasa da sarauta ya ci rayukan ɗaruruwan mutane. Tanki da katanga da allo mai ɗauke da sunan ƙungiya, wani yana iya karanta su a matsayin kafa hujjar mallaka, ko da ku ba ku nufi haka ba. Shi ya sa rubuta "Umda: yana goyon baya" bai wadatar ba. Ku je wurinsa tare da Shehu kafin a auna fili, kada ku bari sai ranar buɗewa. Ku fito da takardar da ta faɗi faɗin wurin da iyakokinsa, da cewa na amfanin kowa ne har da maƙwabta da baƙi, da hatiminsa da na mahalliya. Idan filin gonar wani ne da ya ce ya bayar sadaka, 'ya'yansa manya su sa hannu tare da shi, domin rigimar irin wannan fili tana tashi ne bayan rasuwar mai kyautar.

Ɓangaren hukuma ba zan daɗe a kansa ba, amma kalmar "mahalliya" da kuka rubuta ta ɓoye ofisoshi da dama masu buƙatu daban. Mufawwadiyyar agaji, wadda kuka yi rajista a ƙarƙashinta bisa dokar aikin sa-kai ta 2006, tana son ganin rajistarku da rai da kuma yarjejeniyar aikin. Hukumar ruwa ta jiha ita ce za ku tambaya tun yau ko donkin yana cikin littafinta, domin idan nata ne, tana da magana a kan farashi da rabon kuɗin shiga da wanda zai gudanar, kuma gara ku ji wannan kafin ku yi wa mutane alkawarin ruwa mai araha. Ma'aikatar lafiya kuwa, tun ɓarkewar kwalara ta Agustan 2024 da ta taɓa Kasala da Gadarif, idonta yana kan sinadarin kulorin da tsaftar gangunan karo. Kowannensu layinsa daban a takarda.

Mata ba za su zo taron da aka yi a ƙofar masallaci ba, kuma ko sun zo ba za su ce komai ba. Da yawansu suna cikin kulle, ruwa yana isa gare su ta hannun yara ko mai karo, amma su ne suka san jarka nawa gida yake ci da abin da ake fasa saya don a sayi ruwa. Ku nemi mata biyu, malamar makaranta ko unguwarzoma, su shiga gida-gida ko su zauna da su wajen shan gahawar jabana ko ranar zubin sanduk. Tambayar kada ta zama "kuna son famfo?" don ba mai cewa a'a. A tambaye su jiya jarka nawa aka saya, wa ya ɗebo, ƙarfe nawa ya dawo, ina ne ba za su yarda 'yarsu ta je ɗiban ruwa ba. Amsar tambayar ƙarshen nan ita take zaɓar wurin famfo. Na ga famfon da aka kafa a gaban shagon da samari suke zama, ya cika duk ƙa'idar nisa, amma iyaye suka hana 'yan mata zuwa, aka ci gaba da sayen na karo. Haka nan masu abincin sayarwa da masu ƙuli-ƙuli, ruwansu ya ninka na sauran gidaje, kuma su ne za su fi lura da ƙarin ko sisi a farashi.

Baƙinku nazihin su ma a zauna da su su kaɗai, ba a gaban masu masaukinsu ba, don baƙo ba ya kuka da ruwan gidan da aka sauke shi. Abin da za a warware a kansu shi ne biya. Idan an ce su sha kyauta, wa zai ɗauki nauyin lita 9,000 ɗinsu a kullum? Idan ba a faɗi wannan a fili ba, talakan gari da yake biya zai fara ƙorafi cikin wata biyu. Wasu garuruwa suna ba da kati na jarka kaɗan kyauta ga duk gidan da ba shi da hali, baƙo ne ko ɗan gari, bisa sunayen da kwamiti da liman suka tantance, abin da ya wuce haka kuma a biya. Wannan ya fi zaman lafiya a kan raba mutane gida biyu.

Bayan kun gama zagayen ne za ku zo kan jadawalin da munazzamar take jira, mai gida huɗu, wanda ake auna kowa da abu biyu: ƙarfinsa na ciyar da aikin gaba ko tsayar da shi, da kuma yadda aikin zai taɓa rayuwarsa. Kada ku cika shi ku kaɗai. Ku rubuta kowane suna a ɗan kati, ko ku yi zane don wanda ba ya karatu, ku baza a tabarma, ku ba mutane marafan kwalba su ɗora a kan kowane kati daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon ƙarfin mai sunan a kan maganar ruwa. Ku yi haka sau uku, da dattawa, da mata, da samari, kowane rukuni daban. Inda suka yi daidai, ku rubuta. Inda suka saɓa, nan ne za ku tsaya ku yi tambaya. Idan dattawa suka ba wani ɗan kasuwa marfi ɗaya, samari suka ba shi biyar, ku bincika, wataƙila shi ne yake ba da man dizal bashi kuma rabin jakunan karo nasa ne. Irin wannan mutum ba ya zuwa taro, aike yake yi.

Kuskuren da ake yi da jadawalin nan shi ne a ɗauka cewa masu ƙarfi su ne abin kula, marasa ƙarfi kuma a riƙa sanar da su kawai. A aikin raya gari, gidan da ya fi muhimmanci shi ne na waɗanda aikin zai taɓa sosai amma ba su da murya: matan kulle, nazihin, yaran karo, unguwar da take can ƙarshen gari. Don su aka kawo kuɗin. Aikinku shi ne ku ƙara musu marafai, ta hanyar kujeru a kwamitin ruwa da suke da ƙuri'a ta gaske, da sa ma'ajin kwamiti ya zama mace idan mata suka yarda, da karanta lissafin kuɗi a fili kowane wata.

A takardar da za ku miƙa, kowane mai ruwa da tsaki ya sami layi guda da yake faɗin abin da yake samu yau, abin da zai sauya masa, abin da zai iya yi wa aikin, abin da kuka daidaita da shi, da sunan wanda zai bi maganar a cikinku da ranar da zai yi. Sannan ku ɗauki kasafin kuɗinku ku ajiye kusa da ita. Idan nazarin ya ce kwami, da bututun karo, da mita, da horar da mai inji, amma kasafin bai motsa ba, mai karantawa zai gane cewa rubutu kawai aka yi. Mai yiwuwa ku koma famfo uku maimakon huɗu don kuɗin kwami ya fito. Ku faɗa wa munazzamar haka tare da lissafin lita, yawanci sun fi son jin wannan yanzu a kan su ji shi bayan an kashe kuɗi.

Akwai alamun da za su nuna maka cewa har yanzu da saura. Idan aka tashi taro ba wanda ya yi tambaya sai "Allah ya sa alheri", ba a faɗi abin da ke ciki ba. Idan sunayen da aka kawo na kwamiti duk zuri'a ɗaya ce ko unguwa ɗaya, ku dakata. Idan wani babba ya turo wakili sau biyu a jere bai zo da kansa ba, ku je ku same shi a gida.

Ka kuma kiyaye abin da kake rubutawa. Muna cikin yaƙi tun 15 ga Afrilun 2023, ana duba wayoyi a shingayen hanya, kuma takardar da ta ce wane yana adawa, ko ta jera mutane da ƙabilunsu, tana iya jawo wa wani abin da ba ku nufa ba. Wadda za ta fita hannunku ta ambaci matsayi kawai, kamar "masu karo" ko "mai sayar da mai", cikin lafazin da ko mai sunan ya karanta ba zai ji an ci masa fuska ba. Bayanan sirri su zauna a littafi guda a hannun mutum biyu, kada su shiga rukunin WhatsApp.

Duka aikin nan kwana goma zuwa mako biyu ne ga mutum huɗu, maza biyu mata biyu. Sai dai ku dubi lokaci: idan ya faɗo a kan yankan riɗi a watan Oktoba, ba za ku sami kowa a gari ba, domin riɗi ba ya jira, kwansonsa fashewa yake yi ya zube. Ku roƙi munazzamar ta ƙara muku mako biyu. Sannan ku sa ranar sake duba takardar a watan Fabrairu, kafin garken farko ya iso, ku kira shehun makiyaya da mai inji da wakilin masu karo ku sake bin lissafin lita tare, da adadin da mita ta nuna.